Malam ya maido min da rahotona, wai ba zai yiwu duk biyar ɗin su zama masu ƙarfi ba

Hadiza: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ina neman taimako kafin Litinin. An ba mu aikin rahoto a kan matsi biyar na Michael Porter, kowa ya zaɓi kasuwa ɗaya ya auna ta da su. Ni na ɗauki kamfanonin layin waya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya: gogayyar waɗanda ke cikin kasuwar, barazanar sabon shiga, ƙarfin masu kawo musu kaya, ƙarfin masu saye, da abin da zai iya maye gurbinsu. A ƙarshen kowanne na rubuta cewa matsin yana da ƙarfi. Malam ya maido min da shi yau, ya rubuta da jan biro: "In haka ne me ya sa ba su tattara sun tafi ba?" Shafi goma sha huɗu fa. Ban ma san ta inda zan fara gyara ba.

Abdul Mabera: Wa alaikumus salam. Hadiza ai gyaran ba wuya. Barazanar sabon shiga ki mayar da ita mara ƙarfi, don buɗe kamfanin waya ba buɗe shagon caji ba ne. Ƙarfin masu saye ki bar shi a mai ƙarfi, tunda kowa na da layi biyu, wanda ya ɓata maka rai ka koma ɗayan. WhatsApp kuma ki sa shi cikin abokan gogayya. Haka na yi bara na ci.

Malam Bello: Abdul, na farkon ka yi daidai, sauran biyun mu ajiye su tukuna. Hadiza, tambayar malaminki tana da kyau. Abin da Porter ya fito da shi a 1979 hanya ce ta gano inda ribar kasuwa ke zurarewa. Kowane matsi hannu ne da ke shiga cikin ƙwarya ɗaya. Kin ce duk hannayen biyar manya ne, to shi ne yake tambayarki me ya rage wa mai furar. Kafin mu ci gaba, wace kasuwa kika auna? Nijeriya gaba ɗaya ko Sakkwato? Kira ko data?

Hadiza: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ban raba ba. Na dai rubuta "kasuwar sadarwa".

Malam Bello: To nan ɓarakar ta fara. Ki rubuta a shafin farko cewa kasuwarki ita ce kira da data ta layin wayar hannu a Nijeriya, daga 2023 zuwa 2025. Lasisi na ƙasa ne, farashi ma na ƙasa ne, don haka ƙasar za ki auna, Sakkwato ta zama wurin ɗauko misali. Shekarun kuma na zaɓe su da gangan, za ki ga dalili.

Nasiru Mai POS: Ni ban yi boko mai zurhi ba amma wanga zance na masu saye suna da ƙarhi, Abdul, ina ka gane shi? Shekara tara ina saida kati da data Tsohuwar Kasuwa. Ran da anka ƙara kuɗin data, mutane sunka yi ta zagi bakin tebur nau, sannan sunka miƙo kuɗi sunka saye. Ko mutum guda bai aje waya ba. Wane ƙarhi?

Abdul Mabera: Amma Alhaji Nasiru ai kai ma layi nawa gare ka?

Nasiru Mai POS: Ukku. Kuma dut ukkun sunka ƙara lokaci guda. In gudu in tahi ina?

Malam Bello: Alhaji Nasiru ya ba ki sakin layi guda kyauta, Hadiza. Abdul ya haɗa abu biyu ne. Sauƙin sauya layi gaskiya ne, wayoyinmu masu cin layi biyu ne, kuma tun Afrilun 2013 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba da damar ka koma wani kamfani da lambarka. Sai dai wannan sauƙin yana hura wutar gogayya ne tsakanin kamfanonin, kowa na jan ka da garaɓasa. Ƙarfin mai saye kuwa shi ne ya iya zama da kamfani ya ce rage min ko in tafi, kamfanin kuma ya ji tsoro. Mutum mai sayen katin naira ɗari biyar cikin layuka sama da miliyan ɗari ba ya da wannan. Banki ko babbar ma'aikata mai sayen layuka dubbai da intanet na ofis, ita tana da shi. Saboda haka ki raba masu sayen gida biyu. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kamfanonin suka ƙara, mutane suka ci gaba da saye. Wannan ita ce shaidarki.

Anti Luba: Ni dai tunda ana maganar layi, wane ne ya fi kamawa a Arkilla bayan gidajen gwamnati? Nawa sai na fita tsakar gida na ɗaga hannu kamar mai kiran kaji. Hadiza ki sa musu wannan a rahoton ko sa ji.

Hadiza: Anti, rahoton makaranta ne, ba kamfanin zan kai wa ba. Amma Malam, maganar Anti ta tuna min wani abu. A ƙauyen kakata wajen Tangaza layi ɗaya ne kawai ke kamawa. Can ai ba ma zancen sauyawa.

Malam Bello: Sa shi a rahoton, a matsayin iyakar binciken. A takarda kamfanoni huɗu ne, a ƙauyen kakarki ɗaya ne. Matsin da ki ka auna na ƙasa ba lallai ya yi daidai da kowane gari ba, kuma malami yana son ɗalibin da ya san inda ma'auninsa ya tsaya.

Injiniya Sanusi: Salam. Yanzu na dawo daga hanyar Gwadabawa na ga saƙo ya taru. Hadiza, me kika rubuta a masu kawo kaya? Nan ne nake da abin cewa.

Hadiza: Yaya Sanusi na rubuta Huawei da Ericsson da Nokia da ZTE, na ce su kaɗan ne a duniya don haka suna da ƙarfi.

Injiniya Sanusi: Ba ki yi ƙarya ba, amma kin bar babban. Ƙarfen sabis ɗin nan da kike gani a unguwa, mai jan fitila a sama, yawancinsu ba na kamfanin layin ba ne. Haya suke yi. Wajen 2014 MTN ta sayar da dubban turakunta ga IHS, Airtel kuma ta sayar da nata ga American Tower. Suka karɓi kuɗi a dunƙule, suka koma 'yan haya a kan ƙarfen da suka gina. Kamfanin turken shi ke da fili, da janareta, da batura, da maigadi, shi ke kawo man gas. Kamfanin layi ya ɗora eriyarsa ya biya duk wata. Ni aikina ke nan, duba janareta da batura. Akwai wuraren da wutar NEPA ba ta isa ba ma sam, injin ne dare da rana, sai ɗan sola da ke taimakawa.

To ki duba matsayin ɗan hayan. Yarjejeniyar ta shekaru ce masu yawa, goma ko fiye. In ya ce zai tashi, sai ya samo wani turken a daidai wannan unguwar, ya sauke eriya, ya ɗora, ya sake saita ta da maƙwabtanta, a wurare dubbai. Kafin ya gama, masu layinsa sun gudu. Mai gidan ya san da haka.

Abdul Mabera: Amma Injiniya ai shi ma mai turken ba ya da wasu 'yan hayan. In MTN ta tashi wa zai ba? Masu rediyo?

Injiniya Sanusi: Wannan kam ka kama gaskiya. Shi ya sa ba a rabuwa, sai dai a yi ta ja. Kowa na riƙe da wuyan rigar ɗan'uwansa.

Malam Bello: Abdul yau ka biya kuɗin shayinka. Hadiza rubuta duka ɓangarorin. Amma ga abin da ya sa na ce ki ɗauki 2023. Wani kaso na kuɗin hayar nan an ɗaure shi da dala, wani da farashin man gas. Mu ɗauki misali, lambar tawa ce don lissafi kawai: a ce kason dala na turke ɗaya dala 1,000 ne a wata. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, kin ga naira 460,000 ke nan. Aka saki naira, a 2024 dala ta haura 1,500. Turken nan dai, bai ƙara tsawo ba, hayarsa ta koma naira miliyan ɗaya da rabi. Ninki uku da ɗoriya. Kayan Huawei da Ericsson ɗin da kika ambata su ma da dala ake saye. Kuɗin shiga kuwa naira ne, daga hannun irin su Alhaji Nasiru, kuma kamfani ba ya da ikon ƙara farashi sai NCC ta yarda, ita kuma ba ta yarda ba sai 2025.

Sakamakon yana cikin rahoton kuɗin MTN Nijeriya, tunda tana kasuwar hannun jari dole ta buga. Ta yi asarar kusan naira biliyan 137 a 2023, sannan kusan biliyan 400 a 2024, mafi yawa saboda faɗuwar naira. Kamfanin da ke riƙe da rabin kasuwa ke nan, a kasuwar da sabon shiga ba ya iya shigowa. A 2024 ɗin ta zauna da IHS aka sake yarjejeniyar, aka rage kason da ke bin dala. Da aka ƙara farashi a 2025 ta koma cin riba. In ni ne ke, wannan labarin shi zai zama ƙashin bayan rahoton, sauran matsin huɗu su zo suna bayyana shi.

Hadiza: Kai. Wato ni na ba masu kawo kaya rabin shafi, na ba gogayya shafi biyar ina ta lissafa garaɓasar dare.

Nasiru Mai POS: Garaɓasar dare da ba ka iya amfani da ita sai ka hana ma kanka kwana.

Malam Bello: Gogayyar ma a gyara ta da lissafi. Shiga shafin NCC ki ɗauko kason kowane kamfani na watan da kika zaɓa. A 2025 abin yana wajen haka: MTN 52, Airtel 34, Glo 12, 9mobile 2. Akwai ma'aunin da ake kira HHI, ki ninka kowace lamba da kanta ki tara.

```
52² + 34² + 12² + 2² = 2704 + 1156 + 144 + 4 = 4008
```

Da huɗun kai ɗaya suke, kowa 25, da 2,500 za ki samu. Da kamfani ɗaya ne tal, 10,000. Kin ga 4,008 na nuna miki cewa suna huɗu ne amma biyu ke riƙe da kasuwar, kashi 86 a hannunsu. Ki yi lissafin na shekara biyu ko uku ki ga ko lambar hawa take yi. Sai dai ki yi hattara da 2024. Haɗa layi da NIN da kuma tantancewar da NCC ta yi sun sa an goge layuka masu yawa daga lissafi, kason wasu ya faɗi warwas ba don mutane sun gudu a wannan watan ba. In ba ki faɗi haka ba za ki ba da labarin da bai faru ba.

Abdul Mabera: To in biyu ke riƙe da kasuwa ai gogayyar ba ta da ƙarfi ke nan.

Malam Bello: Ba nan take ba. Turke da lasisi kuɗinsu ɗaya ne ko mutum goma ke kira ko dubu goma, don haka kowa na da yunwar ƙarin mutum ɗaya, kuma wannan yana sa a karya farashi. Tarihi ya nuna. Kafin Glo ta shigo a 2003 da minti ake cajin kira, ko daƙiƙa biyar ka yi. Ta zo da cajin daƙiƙa, sauran suka bi dole. Ni zan ce matsakaiciya ce, kuma yanzu ta fi karkata ga wa ke da sabis mai kyau fiye da wa ya fi araha. Wani malamin zai ce mai ƙarfi ce, in ya kawo hujja ba zan yi faɗa da shi ba.

Anti Luba: Allah sarki lokacin minti. Na tuna layin farko da maigidana ya saya, kuɗinsa ya kusa na ɗan rago, kuma sai ka hau soro. Mu kan yi filashin ne kawai mu jira.

Hadiza: Malam saura WhatsApp. Abdul ya ce abokin gogayya ne, ni kuma a sabon shiga na sa shi.

Malam Bello: Ku biyun duk kun kauce. Abokin gogayya yana sayar da irin abin da kake sayarwa ta irin hanyarka. WhatsApp ba ya da turke, ba ya da lasisin NCC, ba ya sayar da layi. Yana biya miki buƙatar ne ta wata hanya, wato madadi ne. Amma madadin me? Nan raba kira da data zai yi miki amfani. Ya cinye saƙon tes, ya ci kiran ƙasar waje, yana cin kiran gida. Kuma ba ya aiki sai da data, wadda kamfanin layin ne ke sayarwa. Anti Luba, yaushe rabonki da kiran 'yarki ta Saudiyya da kati?

Anti Luba: Tabɗi. Bidiyo muke yi kullum bayan isha'i, in ga jikokina. Data kam tana shan wuya.

Malam Bello: To kin gani. Kuɗin ya fita ta ƙofar kira ya dawo ta ƙofar data. Abin da za ki tambaya shi ne ko wanda ya dawo ya kai wanda ya fita, tunda bidiyo na cika turke fiye da murya, sai an ƙara kaya, kayan kuma da dala.

Injiniya Sanusi: Madadin data na gaskiya shi ne Starlink, tun farkon 2023 yana Nijeriya. Na ga faranti a kan wasu ofisoshi da gidajen manya a nan cikin gari. Amma kuɗin kayan da na wata ba na mai sayen datar ɗari biyar ba ne, kuma ba ka sa shi a aljihu ka tafi kasuwa. Ni a wurina ma sabon shiga ne, don lasisi ya karɓa kuma intanet yake sayarwa.

Malam Bello: Ni madadi nake kiransa, tunda mun ce kasuwar ta layin wayar hannu ce. Da ta ce kasuwar intanet, da ka fi ni gaskiya.

Injiniya Sanusi: Malam ban yarda ba har yanzu. Wanda ya sa faranti a gida ya daina sayen babbar data ta wata, kuɗin da kamfanin layi ke ci ne ya koma can. Sunan da aka ba shi bai dame ni ba.

Malam Bello: Hadiza zaɓi ɗaya ki faɗi dalili a jimla biyu, ya wadatar. Sabon shiga kuwa kada ki ɓata masa shafuka, lambobi uku sun isa. Lasisin GSM a gwanjon 2001 dala miliyan 285 kowanne. Na 5G a Disambar 2021 dala miliyan 273.6, MTN da Mafab suka ci. Wannan kuɗin izini ne kawai, ba a kafa ko ƙarfe ɗaya ba. Na ukun kuma Etisalat: ta shigo a 2008 da kuɗin Larabawa a bayanta, duk da haka bashin dala biliyan 1.2 na bankuna ya kayar da ita a 2017 ta koma 9mobile. Wanda ke tunanin shigowa yana kallon wannan. Ƙofar da ta ɗan buɗe ita ce lasisin da NCC ta fara bayarwa a 2023 ga kamfanonin da za su sayar da layi a kan turakun wasu. Su kuma a hannun manyan za su sari sabis ɗin, kin ga iyakar barazanarsu.

Nasiru Mai POS: Malam ni ina da tambaya. Cikin biyar ɗin nan ina gwamnati? Don 2021 da anka kashe sabis ƙananan hukumomi 14 na jihag ga sabadda 'yan bindiga, ba WhatsApp ba ne, ba mai turke ba ne. Yaran da ni ka ba kati su kai ƙauyuka dut sunka zauna. Mutanen bakin iyaka wasu da layin Nijar sunka koma kira. Takarda guda ta tsaida kasuwa. In wanga bai cikin biyar, to biyar ɗin ba su cika ba.

Abdul Mabera: Shi ya sa wasu ke cewa matsi na shida. Malaminmu ma ya faɗa a aji.

Malam Bello: Ana faɗa. Shi Porter bai yarda ba, ya ce gwamnati tana aiki ne ta cikin biyar ɗin. Ita ke tsada lasisi, ta toshe sabon shiga. Ita ke sayar da zangon iska da izinin binne waya a gefen titi, ta zama mai kawo kaya. Ita ke riƙe farashi, ta tsaya a madadin masu saye, shi ya sa ma ƙarfin da Alhaji Nasiru ya ce ba su da shi ɗaiɗai, suna da ɗan abinsa ta hannun NCC. Amma rufe sabis na 2021, gaskiya ban ga ramin da zan cusa shi ya zauna daidai ba.

Injiniya Sanusi: Kuma ko ba a rufe ba, akwai turakun da ba ma iya kai wa man gas sai an shirya, wasu an sace batura. Wannan kuɗi ne da kamfani ke kashewa a nan wanda ba ya kashewa a wani wurin. Shi ma ban san wane matsi ba ne.

Hadiza: To zan buɗe masa ɗan sashe daban bayan biyar ɗin, in sa rufe sabis da matsalar tsaro da ƙauyen kakata a ciki. Ga yadda na tsara yanzu: masu kawo kaya mai ƙarfi kuma shi ne kan gaba, gogayya matsakaiciya, masu saye ɗaiɗai mara ƙarfi amma manyan ma'aikatu da ɗan dama, madadi mai ƙarfi a kira mara ƙarfi a data, sabon shiga mara ƙarfi. Malam in na kira sashen "matsi na shida" zai ja min jan biro?

Malam Bello: Ya danganta da malamin, ni ban san shi ba. Abdul ya ce malamin ya taɓa faɗa a aji, tambayi malamin gobe kafin ki buga. Lambobin MTN ɗin kuma ki ɗauko su daga rahoton kamfanin da kanki ki sa shafin, kada ki rubuta "in ji Malam Bello".

Abdul Mabera: Ni fa yanzu tsoro nake ji kada a sake duba nawa na bara.

Anti Luba: Har yanzu dai ba wanda ya faɗa min layin da ke kamawa a Arkilla.

Injiniya Sanusi: Anti turo min kwatancen gidan ta gefe. In bayan dogon ginin nan ne, ba layin ba ne, bango ne ya tare ki.